Mota Mai Lamba 14

Safiya ce, kuma tasha cike take da mutane. Wasu suna sauka daga mota, wasu suna shiga. Direbobi suna danna hon, yaran mota suna ta kiran fasinja. Hauwa tana riƙe da hannun kakarta gam. Shekarunta 8, kuma yau ce rana ta farko da take ganin babbar tasha irin wannan. Tafiya ce a gabansu, za su gidan kawunta.

"Kaka, motocin nan suna da yawa," in ji Hauwa. "Wacce ce tamu?"

"Ina dubawa, 'yar nan. Ke dai kada ki saki hannuna."

Kaka tana ɗauke da babbar jaka a kafaɗa. A ɗaya hannun tana riƙe da tikiti biyu. Tana ɗaga su sama, tana kawo su kusa da ido, tana sake nesa da su.

"Kina gani kuwa, Kaka?"

"Ina gani, amma dishi-dishi. Tabarauna yana can ƙasan jaka."

Ga wata farar bas a gabansu, injinta yana aiki. Yaron motar yana tsaye a bakin ƙofa, yana buga jikin motar da tafin hannu.

"Saura mutum biyu! Saura mutum biyu mu tashi!"

"Ga tamu nan," in ji Kaka. "Ina ganin huɗu, ina ganin ɗaya."

Yaron yana zuwa da gudu, yana karɓar jakar.

"Ina kwana, Mama? Ku biyu ne?"

"Lafiya lau, ɗana. Mu biyu ne, ni da jikata."

"To, ku shiga. Akwai wuri a baya."

Kaka tana sa ƙafa ɗaya a matakala. Amma Hauwa ba ta motsi. Tana kallon lambar da ke jikin gilashin motar, tana kallon takardar da ke hannun Kaka. Leɓunanta suna motsi a hankali, kamar yadda take yi a aji.

"Kaka, wannan ba motarmu ba ce."

"Me kike cewa?"

"A tikitinmu ɗaya ne a gaba, huɗu yana bin sa. Sha huɗu ke nan. A jikin motar nan kuwa huɗu ne a gaba. Wannan arba'in da ɗaya ce."

Mutanen cikin mota suna leƙowa ta taga. Wani mutum yana cewa lokaci yana wucewa. Kunya tana kama Hauwa, muryarta tana rawa, amma yatsanta yana nan a kan lambar.

"Mu gani," in ji yaron motar.

Yana duba tikitin da kyau, sannan yana murmushi.

"Mama, yarinyar nan tana da gaskiya. Mu kudu muke tafiya, ku kuwa arewa za ku. Motarku tana can kusa da babbar ƙofa, waccan shuɗiyar."

"Ikon Allah! Ƙarfe nawa take tashi?"

"Ƙarfe 8. Yanzu takwas saura minti biyar."

"To, ɗana, miƙo jakar."

"A'a, Mama, tana da nauyi. Ku biyo ni."

Yaron yana gaba da jaka a ka, Hauwa tana bin sa, Kaka tana baya tana haki. Yanzu Hauwa ce take jan hannun Kaka. Suna ratsa tsakanin motoci, Hauwa tana karanta kowace lamba da ƙarfi.

"Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku. Kaka, ga ta nan! Sha huɗu!"

Direban yana zaune, hannunsa a kan sitiyari.

"Sannunku da zuwa, Mama. Ku kaɗai muke jira."

Yaron yana sa jakar a but, yana juyawa da sauri domin motarsa tana kiran sa.

"Na gode, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Mama. Allah ya kiyaye hanya."

A cikin mota, wata mata mai goyo tana matsawa domin Hauwa ta zauna a bakin taga. Kaka tana zama a gefenta, tana share gumi. Sai ga ta tana miƙa wa Hauwa tikitin duka biyun.

"Ungo, ki riƙe mana."

"Ni, Kaka?"

"Ke fa. Riƙe su da kyau, kwandasta yana zuwa."

Mota tana fita daga tasha a hankali. Hauwa tana riƙe da tikitin da hannu biyu, goshinta a jikin gilashi.

"Kaka, ga wani allo can a bakin ƙofa."

"Me yake cewa?"

"A... sau... ka... A sauka lafiya."