Rubutun tallar fanka mai caji: abin da Anti za ta karanta a bidiyon ranar Alhamis

Anti, barka da yamma, ya gida ya yara. Ga rubutun da muka yi magana. Na gwada karanta shi da agogo, bai kai minti 2 ba. Ki sauya kalmomi yadda bakinki ya saba, mutanenki sun fi mu sanin muryarki. Wuri ɗaya ne don Allah kada ki taɓa: maganar biya da ke farko. Na san kin ce idan aka fara da “talla ce” mutane na wucewa. Wasu za su wuce, haka ne. Amma yawancin masu kallonki matan gida ne da ba sa duba ɗan rubutun Turancin da ke saman bidiyo, kunne suke kasawa. In ba ki faɗa da baki ba, da Hausa, to ba a faɗa musu ba.

Fitowa ta farko. Kina zaune a falo, fankar na gefenki a kashe, fuskarki na kallon kyamara. Kada a sa kiɗa tukuna.

“Assalamu alaikum ’yan uwa. Kafin komai, wannan bidiyon talla ne. Masu shagon da ke sayar da fankar nan sun biya ni kuɗi don in nuna muku ita, fankar ma kyauta suka ba ni. Sannan duk wadda ta saya da lambar rangwamen da zan bayar a ƙarshe, ina da kamasho na naira 2,000 a kai. Sunan shagon na nan sama, kusa da sunana. Na faɗa muku ne don ku san da wane kunne za ku saurare ni.”

Fitowa ta biyu. Ki kunna ta, ki bar iskar ta ɗan kaɗa mayafinki.

“To, kun dai san zafin Kano daga Maris zuwa Mayu. A ɗauke wuta ƙarfe 11 na dare, yara su tashi suna kuka, ke kuma ki ɗauki murfin kwali ki hau fifita har hannu ya gaji. Fankar nan inci 16 ce, tana da batir a cikinta, kuma ana haɗo ta da faifan sola da igiyarsa. Na ce musu ba zan yi magana a kanta ba sai ta kwana a gidana. Kwana 14 ta yi a ɗakin yara.

“Ga abin da na gani da idona. In na sa ta a lamba ta ɗaya, wato iska sannu-sannu, daga bayan Isha’i takan kai mu har kiran sallar Asuba. In kuwa na ƙure ta a lamba ta uku, awa 3 da ɗan abu batirin ya ƙare. Saboda haka wadda ke son ta ƙure ta har gari ya waye, kada ma ta saka rai, ba za ta kai ba.”

Anti, a kwalin an rubuta awa 12. Kada ki faɗi wannan. Ke ba ki samu 12 ba, ni ma da na gwada a shago ban samu ba. Na gaya wa Alhaji mai shagon na cire, ya ɗan ɓata rai, daga baya ya ce gaskiyata, domin mu za a dawo wa da kaya ana masifa a bakin shago.

Fitowa ta uku. A tsakar gida, da rana. Ki nuna faifan a jingine da bango yana fuskantar rana, igiyar ta bi ta taga.

“Caji kuma iri biyu ne. In akwai wuta ki jona a bango. In babu, ki fitar da faifan da safe kamar ƙarfe 9, kafin La’asar ta cika. Ranar da aka yi hazo dai ba ta cika ba, kuma ƙura na rage mata ƙarfi, sai kin riƙa goge faifan da tsumma. Tana da fitila a jikinta, da wurin jona waya ta USB. Amma ku sani, in kin jona waya daga batirin fankar take sha, iskar dare ce ke raguwa.

“Abin da bai yi mini ba: igiyar faifan gajera ce, sai da na matso da fankar kusa da taga. Kuma idan tana juyawa hagu da dama akwai ɗan ƙara ƙas-ƙas, ba mai hana barci ba, amma ana ji.”

Fitowa ta ƙarshe. Ki koma falo.

“Kuɗinta naira 68,000 har da faifan. In kin faɗi lambar `SANYI` za a rage miki naira 3,000, daga yau zuwa ƙarshen watan nan. Shagon na kasuwar Sabon Gari, suna kuma aikawa Kaduna, Katsina da Zariya ta mota, kuɗin mota a kanki. Akwai garantin wata 6 a kan batir da injin, ki karɓi rasit ki ajiye. In da hali ki je da kanki, ki sa a kunna miki kafin ki biya. Ina ƙara tuna muku, talla ce, an biya ni. Allah ya ba mu lafiya, ya kawo mana damina mai albarka.”

Rubutun da za ki sa a ƙarƙashin bidiyon, kuma kalmar “TALLA” ta zama ta farko, kada ta nutse bayan `more`:

“TALLA. An biya ni kuɗin wannan bidiyo, an ba ni fankar kyauta, kuma ina samun kamasho idan an saya da lambar SANYI. Fanka mai caji, inci 16, da faifan sola, naira 68,000. Na yi amfani da ita kwana 14 kafin na yi magana. #talla #ad”

A Instagram ki kunna `Add paid partnership label` ki zaɓi shafin shago, zan amince daga nan. A TikTok ki kunna `Disclose commercial content` ki zaɓi `Branded content`. In kin yanko guntu don sitatus ɗin WhatsApp, ki bar gaisuwar farko a ciki, ko ki rubuta “talla” da manyan baƙaƙe a kai, domin guntun shi ya fi yawo a guruf-guruf, can kuma babu wata alama da ke binsa.

Kada ki ɗora kafin in ce miki. Tun dokar 2022 da ta mayar da hukumar kula da tallace-tallace ta APCON ta zama ARCON, ana buƙatar talla ta bi ta kwamitin tantancewarsu kafin ta fita, har da ta masu mabiya a soshiyal midiya. Wannan aikinmu ne, mun riga mun fara. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ita ma ta hana a faɗi abin da zai ruɗi mai saye. Ko ba don su ba, kin san hadisin tarin abincin nan da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu ya ji laima a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba mutane su gani.

In an tambaye ki a kwamen, “Anti tsakani da Allah biyanki aka yi?”, ki ce: “Eh, an biya ni, na ma faɗa a farkon bidiyo. Amma awannin da na lissafa a gidana na gwada.” In an tambayi ko ta fi ta wani kamfani, ki ce ba ki gwada waccan ba. Wadda ta zo da ƙorafi kada ki goge mata, ki turo min ita.

Cikon kuɗinki, naira 75,000, zai shigo ranar da bidiyon ya hau, in sha Allah. A gaida Abban yara.