Yadda za ku rubuta wa manhajar zane umarni: takarda ga ɗaliban aji biyu na sakandare, Kassala

Ɗalibai, aikin wannan makon shi ne zanen zagayen ruwa, kuma na yarda ku yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira mai zana hoto. Ku karanta wannan takarda kafin ku taɓa waya.

Manhajar nan ta fi ƙwarewa wajen ƙawata hoto, daidaiton kimiyya bai dame ta ba. In ka rubuta mata "zana zagayen ruwa" ka yi shiru, mai yiwuwa ta kawo maka dutse mai ƙanƙara a kai, da bakan gizo, da kibiyoyi masu nuna inda suka ga dama. Tamkar ka kai wa tela yadi ne ka ce "ɗinka mini riga" ba tare da awo ba. Saboda haka fensir ne farko. Ka zana abin a littafinka, ko da bai yi kyau ba, ka ƙirga matakan. Wanda bai san matakan ba, da me zai gane an yi masa kuskure?

Umarninka ya faɗi irin hoton: zane ne na littafin makaranta, mai layuka tsaf a kan farin fili, ba hoton kyamara ba. Ya faɗi abin da ke ciki da mazaunin kowanne, dama ko hagu, sama ko ƙasa. Launi huɗu sun isa. Ka kuma ambaci abin da ba ka so.

Kibiyoyi su ne ran zanen, nan nake so ku daɗe. Kowace kibiya ka faɗi inda ta tashi da inda ta nufa. Zafin rana yana tayar da ruwa daga teku ya zama tururi, kibiya ta nufi sama. Ganyen itatuwa ma yana fitar da tururi, wannan ma sama. Can sama tururin ya yi sanyi ya koma ƙananan ɗigo, shi ne gajimare. Ku lura, shi tururin kansa ido ba ya ganinsa, don haka kibiya ce za ta wakilce shi, kada ku yarda a zana muku hayaƙi. Daga nan ruwan sama, kibiya ƙasa. Wani ya gangara cikin kogi, wani ya nutse cikin ƙasa. Mafi yawan tururin daga teku yake tashi, domin kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na gishiri ne, to kibiyar teku ta fi ta itatuwa kauri.

Kuma ina son zanen ya yi kama da garinmu. Kogin Gash daga tsaunukan Eritiriya yake gangarowa, can suna kiransa Mareb. Da damina yake kawo ruwa, galibi daga Yuli zuwa Satumba, sannan ba ya kaiwa teku, bazuwa yake yi a filayen arewacin Kassala ƙasa ta shanye shi. Ruwan da ya nutse shi rijiyoyi da lambunanmu suke sha da rani. Manhaja ba za ta zana wannan ba sai ka faɗa mata, ita kogi mai faɗawa teku ta saba da shi.

Ga misali:

"Zane mai sauƙi na zagayen ruwa don littafin sakandare, farin fili, launi huɗu. Rana a sama ta dama, teku a ƙasa ta dama. Tsaunuka marasa ƙanƙara ta hagu, gajimare a kansu yana zubar da ruwa. Kogi ya gangaro daga tsauni ya ƙare a fili mai yashi. A yanka ƙasa a nuna ruwan da ke ƙarƙashinta, da rijiya guda. Kibiya mai kauri daga teku zuwa sama, siririya daga itace zuwa sama, ɗaya daga gajimare zuwa tsauni, ɗaya daga kogi zuwa cikin ƙasa. Ban da rubutu, ban da mutane. A bar fili kusa da kowace kibiya."

Ku tsara naku da Hausa, sannan ku mayar da shi Larabci ko Turanci, don manhajojin sun fi jin su. Na ce ban da rubutu ne saboda sukan hargitsa haruffa: na Larabci su rabu da juna, ƙ da ɗ da ɓ su rasa lanƙwasarsu. Sunayen matakan ku rubuta su da hannunku.

In hoto ya fito, ka bi kibiyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da littafin darasi. In akwai gyara, abu guda za ka canja a umarnin kowane karo, don ka san abin da ya yi aiki. Kada wanda ya saka hotonsa ko sunansa a manhajar.

Ranar Alhamis kowa ya kawo zanen fensir, da umarnin da ya rubuta, da hoton ƙarshe, ya kuma rubuta a ƙasa cewa da manhaja aka zana. Waɗanda ba su da waya a gida su haɗu uku-uku, su same ni ranar Talata bayan sallar Azahar.

Malaminku na kimiyya