Roƙon Takardar Shaida Domin Neman Gurbin Horon Ƙwarewa a Fannin Lafiyar Yara

Dutse, Jihar Jigawa
10 ga Maris, 2025

Zuwa ga Farfesa,
Babban Likitan Yara,
Sashen Kula da Lafiyar Yara,
Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello,
Shika, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ka cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da dukkan abokan aiki na sashe. Allah ya sa ana azumi lafiya, ya karɓi ibadunmu.

Ni ce Dokta Hadiza Sani, ɗaya daga cikin ɗalibanka da suka kammala karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 2021. A asibitinku na yi shekarar sanin makamar aiki, kuma wata ukun da na yi a sashen yara, daga Agusta zuwa Oktoban 2022, a ƙarƙashinka na yi su, akasari a ɗakin gaggawa na yara, sai makonnin ƙarshe da aka mayar da ni ɗakin jarirai. Dalilin rubuto maka shi ne ina neman gurbin horon ƙwarewa a fannin lafiyar yara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma daga cikin abubuwan da ake so mai nema ya gabatar akwai shaidar manyan likitocin da suka san aikinsa. Ina roƙon alfarma, idan babu damuwa, ka zama ɗaya daga cikin masu ba da wannan shaida a kaina.

Na san ɗaliban da suka bi ta hannunka suna da yawa, don haka bari in ɗan tuna maka lokacin. Watannin nan sun faɗo a tsakiyar damina, zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani, yara suna zuwa da jijjiga da ƙarancin jini ba dare ba rana. A lokacin ne ka ɗora mini alhakin tattara bayanan duk yaron da aka kwantar da zazzaɓi mai tsanani, in tabbatar an ba shi allurar atesunet daidai da nauyinsa, a sa'ar farko, da bayan sa'a 12, da bayan sa'a 24, sannan in gabatar da abin da na tattara a taron sashe na ƙarshen wata. Ina kuma tune da safiyar da aka shigo da wata yarinya 'yar shekara uku ba ta cikin hayyacinta, muna tsakiyar zagayen duba marasa lafiya. Kafin kowa ya yi magana ka ce a auna sukarin jininta, aka tarar ya yi ƙasa ƙwarai, aka ba ta ruwan sukari ta jijiya, kuma ba mu bar gefen gadon ba sai da ta buɗe ido ta kira uwarta. Tun daga ranar, duk yaron da aka kawo mini a sume, awon sukari yana cikin abubuwan da nake fara yi.

Bayan na bar Shika, na samu cikakkiyar rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, aka turo ni hidimar ƙasa Jihar Jigawa a 2023, inda na yi aiki a wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Da na gama hidimar aka ɗauke ni aiki a nan, kuma ɗakin yara ne a hannuna har yanzu. Yawancin waɗanda nake kwantarwa masu tamowa ne, da masu ƙyanda, da masu sikila da ciwo ya tasar musu, da jarirai masu shawara waɗanda sau da yawa ba a kawo su sai an gama gwada maganin gida. Masu tamowa muna fara su da madarar F-75, mu bi a hankali har cikinsu ya karɓa kafin a ƙara musu abin da ya fi ƙarfi, kuma na koyi cewa zama da uwa a yi mata bayani da harshen da take ji yana da nauyi daidai da maganin kansa. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a jihohin Arewa a 2023, mu ma ta iso mu, kuma yawancin yaran da na gani da ita ba su kammala rigakafin da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14 ba.

Wannan aiki shi ya tsayar mini da shawara. Akwai yaran da nake iya yi wa abin da ya kamata, akwai kuma waɗanda ilimina yake tsayawa a kansu, kamar jariri bakwaini da numfashi ya gagara, ko yaro mai ciwon ƙoda ko na zuciya, sai dai in rubuta takarda in tura su Kano. Tafiyar tana da nisa ga yaro mai jin jiki, kuma ba kowane uba ne yake da kuɗin mota da na jinya a birni ba. Wasu gida suke komawa da yaron. Ina so in samu horon da zai ba ni damar riƙe irin waɗannan yara kusa da iyayensu, kuma niyyata idan Allah ya sa na kammala ita ce in dawo in yi aiki a wannan yanki. Na san horon yana ɗaukar shekaru, da matakin ƙarami da na babba, da jarrabawar kashi na ɗaya da ta kashi na biyu, da kwanan asibiti mai yawa. Na yi shawara da maigidana da iyayena, sun amince, sun kuma ɗauki alkawarin taimaka mini da rainon ɗana. A 2024 na ci jarrabawar share fage, wadda muke kira firamare, ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, a fannin lafiyar yara.

Malam, na zo wurinka ne domin kai ka ga aikina da idonka a gefen gado, da rana da kuma daren da aka kira ka daga gida. Abin da nake roƙo shi ne ka rubuta abin da ka sani game da ni yadda yake: riƙon aikina, da mu'amalata da ma'aikatan jinya da iyayen yara, da yadda nake karɓar gyara, har da wuraren da kake ganin ina buƙatar ƙarin horo, domin waɗanda za su karɓe ni su san inda za su fi sa mini ido.

Ana so takardar ta kasance a kan takardar ofis mai ɗauke da tambarin asibiti, da sa hannunka da hatiminka, a rufe cikin ambulan da sunan Shugaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ina so in miƙa takarduna gaba ɗaya kafin 11 ga Afrilu, 2025, saboda haka idan ta samu a makon farko na Afrilu, bayan hutun Sallah, zan zo Zariya da kaina in karɓa a ofishin sakataren sashe. Na haɗo da takardar tarihin karatuna da aikina, wadda lambar wayata take jiki, da kwafin sakamakon firamare, da lasisin aikina na bana, da shaidar kammala hidimar ƙasa, da kuma bayanan zazzaɓin da na gabatar a taron sashe a 2022. Idan kana so ka gan ni mu yi magana kafin ka rubuta, ka sanya ranar da ta yi maka, zan nemi izini a wurin aiki in zo. Idan kuma ayyuka ba za su bari ba a wannan lokaci, ina roƙon a sanar da ni da wuri domin in samu damar neman wani daga cikin malamanmu.

Na gode ƙwarai da tarbiyya da ilimin da ka ba mu. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina gaida Malaman sashe da shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin gaggawa.

Wassalam.

Ɗalibarka,
Dokta Hadiza Sani