Game da mu: kayan ɗinki, sari da ɗaiɗai

Kayan aikin tela muke sayarwa: allurar keke, zare, zif, maɓalli, roba, bobin, almakashi, tef ɗin awo, allin zane da man keke. Ba ma sayar da yadi, ba ma karɓar ɗinki. Abokan cinikinmu teloli ne masu shago, masu ɗinki a gida, makarantun koyon sana'a, da 'yan kasuwa masu sara su sayar. Farashin sari daga dozin yake farawa, amma ko zif ɗaya kuke so za mu ba ku.

A kan allura aka fi yin kuskure, don haka kafin ku yi oda ku duba lambar da ke jikin tsohon fakitinku. HAx1 ta keken gida ce, gindinta shafe yake ta gefe ɗaya. DBx1 ta babban keken lantarki ce mai miƙaƙƙen ɗinki, gindinta a mulmule. DCx27 kuwa ta keken daje bakin yadi ce. In aka sa wa keke wadda ba tasa ba, sai ya dinga tsallake ɗinki yana tsinka zare, a yi ta zargin keken alhali lafiyarsa ƙalau. Wajen kaurin allura kuma, muna da lamba 9 da 11 don yadi mara kauri, 14 don ɗinkin yau da kullum, 16 da 18 don jins da labule mai nauyi. Fakiti allura 10 ne, kwali kuma 100.

Zarenmu na foliyesta ne 40/2, babban ƙulli mai tsawon yadi 5,000. Zif akwai lamba 3 na riga da siket, da lamba 5 na jaka da rigar sanyi.

Yin oda ba wuya. Ku turo saƙo ɗaya a rubuce ɗauke da sunan kaya, lamba, launi, adadi da inda za a kai. Misali: allura DBx1 lamba 14 fakiti 5, baƙin zif lamba 3 mai inci 8 dozin 2. Za mu mayar muku da jimillar kuɗi har da na aike, kuna biya mu ɗaure kaya. Odar da aka biya kafin 12 na rana a ranar take fita, ta bayan haka sai washegari.

Launin zare kam kada ku dogara da hoto, waya tana sauya shi, musamman tsakanin shuɗi mai duhu da baƙi. Ku faɗi lambar da ke cikin ƙullin, ko ku aiko da ƙyallen yadin mu gwada da hasken rana.

Kayan da ba a buɗe ba muna canzawa cikin kwana 7. Robar da aka riga aka yanka ba ta dawowa. In kuskuren daga gare mu ne, kuɗin aike a kanmu. Muna amsa saƙo Litinin zuwa Asabar, 8 na safe zuwa 6 na yamma.