Minti na 87

Tun da asuba Ɗanlami yake gasa gwiwarsa ta hagu da ruwan zafi. Matarsa Talatu ta ajiye masa koko da ƙosai, ta tsaya tana kallon yadda yake cije leɓe yana naɗa bandeji.

"Maigida, yau dai a tausaya wa ƙafar nan."

"Daga yau ai sai ki gaji da ganina a gida," ya ce.

Shekararsa 39. Ya fara kama gola ne a filin Mahaha da safar hannu ta 'yan walda, kuma yau a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata zai ajiye. Da can Katanga ake kiransa. Yanzu Baba yaran ƙungiyar suke ce masa, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci kuwa idan ya makara wajen fitowa kama kwana.

Iskar hunturu ta bushe ciyawar, ƙwallo sai tsalle take kamar fara. Har aka dawo daga hutun rabin lokaci ba a ci kowa ba. Ɗanlami bai faɗi ƙasa ba sai sau biyu. Sauran aikin da baki ya yi shi, yana daka wa 'yan baya tsawa. A minti na 61 su Ɗanlami suka zura ɗaya.

Minti na 87 lafari ya hura usur, ya nuna tabon fenareti.

Wanda ya ɗauki ƙwallon Sadiku ne, ɗan unguwarsu na Yakasai. Yana ɗan shekara bakwai yake tsayawa bayan raga yana tsinto wa Ɗanlami ƙwallo, a ba shi kuɗin alawa. Ɗanlami ne ma ya koya masa bugun, ya kuma sha ja masa kunne kan wata ɗabi'a: kafin ya ja baya, sai ya saci kallon kusurwar da zai buga.

Ɗanlami ya dasa ƙafa a kan layi. Sadiku ya ajiye ƙwallo, ya gyara ta, idonsa ya gilma hagun gola.

Ya gani sarai. Ya tafi tun kafin ƙafar yaron ta sauka, amma gwiwar ta ƙi tashi da shi. Yatsunsa biyu suka shafi ƙwallon, ta daki turke ta shige.

Sadiku bai yi murna ba. Da aka tashi ɗaya da ɗaya, 'yan kallo suna ta "Katanga! Katanga!", ya zo ya rusuna a gabansa.

"Baba, a yi haƙuri."

Ɗanlami ya cire safar da haƙori, ya dafa kafaɗarsa don ya samu na tsayawa.

"Har yanzu kana kallon inda za ka buga."

"Ka gani?"

"Na gani mana. Gobe bayan la'asar ka same ni a Mahaha. Yanzu riƙe ni mu fita, a hankali, kada Talatu ta gane daga can."