Tsarin Bitar Zagayowar Rayuwar Ƙwayoyin Cuta, Saura Mako Uku Jarrabawa

Wannan na rukuninmu ne, mu huɗu 'yan ajin likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Haɗuwa bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi.

Makon farko zane kawai. Kowace ƙwaya takarda guda, a ja layi a tsakiya: sama jikin mutum, ƙasa sauro ko dodon koɗi ko turɓaya. Da jan biro a zagaye matakin da ke shiga mutum, da shuɗi wanda ake gani a awo. Mu fara da Plasmodium: cizon macen sauro, hanta, jajayen ƙwayoyin jini, komawa sauro. Wallahi wanda ya zana shi sau uku da hannunsa ba zai manta hanta ba. Sai tsargiya, Schistosoma haematobium, wadda ke huda fata a ruwa, ƙwanta ya fita a fitsari. Ku tuna yaran da ke wanka a gulbin Rima.

Mako na biyu jadawali: mafaka, hanyar shiga, awo, magani. A jera masu rikitarwa kusa da juna. Ascaris ƙwai ake haɗiya, tsutsar ƙugiya ta tafin ƙafa take shiga, amma dukansu suna bi ta huhu. Taenia saginata naman shanu, solium naman alade.

Gwajin kai shi ne ƙashin bayan abin. A rufe littafi a zana daga ka: washegari, bayan kwana 3, bayan 7, bayan 14. Wadda aka kuskure ta koma rana ta farko, ba sani ba sabo.

Makon ƙarshe tsofaffin tambayoyi da agogo a gaba. Juma'a hutu.