Ɗari da Sha Takwas

Agogon ba saye Alhaji Sabi'u ya yi ba. Wani kwastomansa ɗan Maraɗi ne cikon kuɗin atamfa ya gagare shi, ya kwance shi daga hannunsa ya ajiye a kan teburi ya ce a riƙe kafin ya dawo. Wata huɗu ke nan bai dawo ba. Agogon baƙi ne mai faffaɗar fuska, irin wanda sai an ɗaga hannu yake kawo haske. Nazifi, yaron shagon, shi ya saita masa, shi yake yi masa caji, shi kuma ya nuna masa cewa idan ya shafa fuskar zuwa hagu zai ga wata 'yar jar zuciya tana ƙiftawa da lamba a ƙarƙashinta. Alhaji ya ce shi dai lokacin salla yake so ya riƙa gani, sauran tarkacen na yara ne.

Ranar wata Talata cikin watan Sha'aban, Kantin Kwari ta cika ba masaka tsinke. 'Yan sari daga Nijar da Chadi sun sauka tun da safe, masu dako suna ta "hanya, hanya" da diloli a ka. Wata Hajiya 'yar Damagaram ta kafe sai wata kalar shadda, ruwan zuma, wadda babu ita a ƙasa. Nazifi ya tafi cire kuɗi, don haka Alhaji da kansa ya hau sito. Matakala ashirin da biyu ce, ya san adadinta kamar yadda ya san 'ya'yansa. A ta goma sha biyar ya tsaya ya dafa bango. Ya ji wani abu yana duka a kunnensa kamar ana daka a gidan maƙwabta.

Ya sauko da bandir ɗin, ya auna, ya yanka, ya karɓi kuɗi, ya yi wa Hajiya Allah ya kiyaye hanya. Sannan ya zauna a kan kujerarsa ta roba. Bayan kamar minti ashirin, ya ɗaga hannu zai duba ko azahar ta kusa, yatsansa ya goce ya shafi fuskar agogon. Jar zuciyar ta fito. A ƙasanta an rubuta 118.

"Nazifi, zo nan. Wannan lambar ta mece ce?"

"Bugun zuciya ne, Alhaji. Sau nawa take bugawa a minti ɗaya."

"To nawa ya kamata ta nuna?"

Nazifi ya sosa ƙeya. Ya karɓi agogon ya ɗaura a nasa hannun, suka zuba masa ido su biyu. 74.

Alhaji Ɗanlami na shagon da ke kallonsu, wanda ba a yin zance a layin bai sa baki ba, ya taso da goro a kumatu. Da ya ji abin da ake ciki ya yi dariya har da tafa hannu.

"Haba Alhaji Sabi'u! Da girmanka agogon jingina zai tayar maka da hankali? Kawo ka ga."

Ya ɗaura agogon a jikin bandir ɗin shaddar nan ruwan zuma, ya ja maɗaurin ya matse. Koren haske ya riƙa walƙiya a bayan agogon. Can sai ga 81.

Layin gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Wani ya ce ashe shaddar ma da ranta, shi ya sa take tsada. Wani ya ce a kai ta asibiti. Alhaji Sabi'u ma ya yi dariyar, ya mayar da agogonsa hannu, ya ɗauki buta. Amma a sahu, da liman ya yi ruku'u ya ɗan jima, sai ya ji dakan nan ya dawo kunnensa. Shadda dai ba ta da kunne.

Da daddare a gida, a Kurna, ya ci tuwo loma huɗu ya ture kwanon. Hajiya Binta ta dube shi ba ta ce komai ba. Ta daɗe da lura ya rage ci, kuma ta san idan ta yi magana zai ce gajiyar kasuwa ce. Ummi ce ta shigo ɗaukar kwanuka, ita da ke shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Ya ba ta labarin shadda mai zuciya don ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Abba, kawo hannunka."

Ta durƙusa a gabansa, ta juya tafin hannunsa sama, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun, daidai ƙasan babban yatsa. Ta ajiye wayarta a kan tabarma tana kallon daƙiƙa. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janaretan maƙwabta.

"Ashirin da tara a daƙiƙa goma sha biyar," ta ce. "Sau huɗu, 116."

Lissafin bai ba shi wahala ba, ya riga ta kaiwa.

"Babban mutum idan yana zaune yana hutawa, tsakanin 60 da 100 ake so. Abba, tun bayan isha'i kana zaune. Ba gudu ka yi ba, jikinka kuma ba zafi." Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Ka yi haƙuri," ta sa yatsa ta ja fatar idonsa ta ƙasa, ta haska da fitilar waya. "Umma, zo ki gani."

Hajiya ta leƙa. "Innalillahi. Alhaji, ai fari ne fat."

"Bayan Salla," ya ce. "Yanzu kasuwa ake ci. Wanda bai sayar a Sha'aban da azumi ba, yaushe zai sayar?"

"Kasuwar da ka tarar, haka za ka bar ta tana ci," Hajiya ta ce, ta tattara kwanukan da kanta ta fita.

Barci bai zo da wuri ba. Yana kwance cikin duhu ya laluba wurin da Ummi ta taɓa. Da farko bai samu ba, sai da ya sassauta yatsun. Ga shi nan, ƙanana, da sauri da sauri, kamar ɗan tsako a tafin hannu. Shekara talatin da ɗaya yana ƙirga yadi, yana ƙirga turmi, yana ƙirga kuɗi har ya iya gane damin da aka zare wa takarda ɗaya da nauyinsa kawai. Wannan bai taɓa ƙirga shi ba. Ya tuna Malam Isa mai leshi, wanda bara ya sunkuya zai ɗaure takalmi a bakin masallaci bai ɗago ba.

Da asuba, bayan an sallame, ya kira Nazifi ya ce ya buɗe shago shi kaɗai, kada ya ba kowa bashi ko da ɗan Sarki ne.

Shi da Ummi suka hau adaidaita sahu. Yankar kati ta ci awa ɗaya, layin ganin likita ya ci biyu. Alhaji ya yi ta duba waya yana ganin alat na shigowa ɗaya bayan ɗaya, yana lissafin waɗanda da yana nan da sun fi haka. Nas ta ɗaura masa abin awon jini a dantse, ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ta rubuta.

"Baba, jininka bai hau ba. Amma zuciyar tana sauri, 114. Ka sha shayi ko goro yau?"

"Ko ruwa ban sha ba, 'yar nan."

Likitan matashi ne, bai fi sa'ar babban ɗansa ba. Ya saurari labarin agogo da shadda, ya yi murmushi, ya ce irin waɗannan agogon hasken da ke dawowa daga fata suke karantawa, marasa kyau kuwa ko a jikin icce sai su ƙirƙiro lamba. "Amma yatsun 'yarka ba su yi ƙarya ba, Alhaji." Ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya duba idonsa da tafin hannunsa, ya shafa wuyansa ko akwai kumburin maƙoƙo. Ya tambaye shi zazzaɓi, ya tambaye shi rama da yawan gumi. Sannan ya ce, "Akwai maganin da kake sha kullum?"

"Babu. Sai dai na ciwon baya."

"Wanne?"

Alhaji ya zaro ƙullin farar leda daga aljihun gaba. Haɗi ne na kemis, ƙwaya huɗu kala-kala, ana sha gaba ɗaya. Safe da yamma, yau wata bakwai, tun da bayansa ya riƙe wurin ɗaga dila. Likitan ya baje su a kan takarda, ya ware biyu da bakin biro.

"Waɗannan biyun aikinsu ɗaya, kuma dukansu suna cin bangon ciki, balle a haɗe, balle ba a ci abinci ba." Ya dubi Ummi. "Ɗan ba mu wuri."

Da ta ja ƙofa, ya rage murya. "Bayan gidanka, wace kala ce?"

Alhaji ya kalli ƙasa. Tambayar da ko matarsa ba ta taɓa yi masa ba ke nan. "Baƙi," ya ce. "Kamar kwalta. Na ɗauka basir ne. Ina shan jiƙo."

"Jini ne, Alhaji. Yana tsiyaya a ciki kaɗan-kaɗan, kafin ya fito ya riga ya yi baƙi. Idan jini ya ragu, zuciya sai ta ƙara gudu don ɗan abin da ya saura ya zaga jiki. Kamar shago ne da yara biyar, uku suka tafi. Biyun da suka rage ai ba su ga ta zama ba."

Wannan ya shige shi sarai.

Aka aika shi ɗakin awo aka ɗebi jini. Aka kwantar da shi aka manna masa wayoyi a ƙirji, sanyinsu ya sa shi tsuke baki, takarda mai zane kamar haƙoran zarto ta fito. Da la'asar suka koma. Likitan ya ce zanen ECG ya nuna sauri ne kawai, bugun a jere yake, ba ya tsalle. Ya juya masa ɗaya takardar, ya zagaye inda aka rubuta PCV 27, awon yawan jininsa.

"Namiji kamarka ya kamata a ce 40 ko sama. Wannan haɗin, daga yau an rabu. Ga maganin da zai rage tsamin ciki gyambon ya warke, ga na ƙarin jini. Kada ka kora shi da shayi, shayi yana hana shi shiga jiki. Ranar Litinin za a zura na'ura ta baki a leƙa cikin, a ga daga inda yake zuba. Idan kafin nan ka yi aman jini, ko jiri ya kwashe ka, ko cikin dare ne a kawo ka. Maganar azumi kuma sai mun ga sakamakon Litinin."

"Bayan nawa fa?"

"Za mu ba ka wanda ba ya taɓa ciki. Dila kuma ka bar wa yara."

Washegari da hantsi ya shiga kasuwa. Ɗanlami ya hango shi ya ɗaga murya, "A'a, ga mai jinyar shadda! Ya jikin nata?" Aka yi dariya. Alhaji Sabi'u ya zauna, ya ba da labari a taƙaice, ya tsallake zancen bayan gida. Da ya zo kan ƙullin farar leda, dariyar ta ragu. Kusan kowa a layin yana da irinsa a aljihu.

Bayan azahar, layin ya ɗan yi sauƙi, Nazifi ya hau sito. Ɗanlami ya tsallako ya zauna a kan dila kusa da shi, ya yi zancen farashin gezna, ya yi zancen kuɗin sefa. Sannan ya waiga hagu da dama, ya naɗe hannun rigarsa.

"Ba da agogon ba," ya ce a hankali. "Yadda Ummi ta yi maka."

Alhaji Sabi'u ya juya tafin hannun Ɗanlami sama, ya ɗora yatsu biyu ƙasan babban yatsa, ya sassauta su har ya samu.

"Tofar da goron nan, ka yi shiru," ya ce. "Ina ƙirga."